Zama takwas ga 'yan matan da aka yi wa rasuwa: yadda ake tsara kundin

"Ni ce malama mai ba ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata ta kwana. Bana kaɗai ɗalibai tara sun rasa uwa ko uba. Shugabar makaranta ta ce in riƙa tara su ina zama da su, kuma in rubuta tsarin zama bi da zama yadda wata malamar za ta iya ɗauka ta ci gaba ko ba na nan. Ta ina zan fara, me zan sa a kowane zama?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da kuskuren da na yi, don kada ki maimaita shi. A rukunin farko da na taɓa gudanarwa, a wata makarantar da ba sai na kama suna ba, na rubuta a shafin zama na biyu cewa kowace yarinya za ta ba da labarin yadda aka yi mata rasuwa. A ganina a lokacin, gara a fasa ƙurji tun da wuri. Ta uku da ta yi magana, mahaifinta ya rasu ne a hatsarin mota tana cikin motar, ta kuwa faɗi duk abin da idonta ya gani ba ta rage ba. Ɗaki ya yi tsit. Wadda ke kusa da ita ta ja hijabi ta rufe fuska. Da aka zo kan wadda mahaifinta ya yi jinya wata shida ya cika a gadonsa, sai ta ce, "Nawa ba wani abu ba ne, Malama, a wuce." Mako na gaba biyu ba su dawo ba, ita kuma mai labarin ta kwana uku ba ta yi barcin kirki ba.

Ba labarin ne laifi ba. Laifin na takardar da na rubuta ne, domin ta buɗe ciwo kafin ta ba yaran abin da za su rufe shi da shi. Tun daga nan nake kallon kundin irin wannan zama kamar takardar shan magani: abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne me ke zuwa kafin me, da kuma ko nawa za a bayar a kowane zama. Wasanni da zane-zane da mutane ke fara tattarowa, su ne ƙarshen abin da za ki nema.

Wa zai shiga, wa zai jira

Shafukan farko na kundin ba na zama na ɗaya ba ne, na tantancewa ne. Yawancin matasan da aka yi wa rasuwa suna farfaɗowa da taimakon dangi da ƙawaye da ibada, ba tare da wani zama na musamman ba. Binciken da aka tattara kan irin wannan taimako ya nuna amfaninsa ya fi fitowa ga waɗanda alhinin ke takura musu a fili. Saboda haka kada ki ɗauka cewa tunda tara aka yi wa rashi, tara za su zauna. Ki ga kowacce ita kaɗai, kamar minti talatin, ki tambaye ta wa ya rasu, yaushe, tana ina lokacin, wa ke riƙe da ita yanzu, yaya barci da cin abinci da karatu. Ki kuma tambaye ta ko tana so. Wadda aka tilasta wa zuwa takan zauna ta naɗe hannu, shirunta kuma ya kama saura.

Ni ba na sa yarinya a rukuni kafin a yi arba'in, galibi ma sai an kai wata biyu zuwa uku. Kafin nan gida na kanta, kuma ba za ki iya bambance zafin sabon rashi da wanda ya maƙale ba. Akwai kuma waɗanda rukuni ba shi ne matakin farko gare su ba. Wadda ta ga mutuwar da idonta, ta hatsari ko ta harin 'yan bindiga, har hoton ke faɗo mata da rana tsaka tana zabura, tana bukatar a fara da ita ita kaɗai. Haka wadda ta daina ci tana ramewa, ko ta kwana da kwanaki ba ta iya tashi zuwa aji.

Tambaya ɗaya ce malamai ke tsallakewa don nauyinta, ki rubuta ta a kundin kalma bi da kalma yadda mai karantawa ba za ta kauce ba: "Wasu idan aka yi musu irin wannan rashi sukan ji da ma su ma sun mutu. Kin taɓa jin haka? Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Yin tambayar ba ya dasa tunanin. Da yawa za su ce, "Ina ma in bi ta," wannan kewa ce, ana aiki da ita a rukuni. Amma wadda ta ce ta yi tunanin hanya, ko ta san inda fiya-fiya yake a sito, ba a barin ta ita kaɗai a ranar, a kawar da abin, a kira mai riƙonta, a kai ta sashen masu tabin hankali da damuwa na asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, irin na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Lambar wanda za a kira ta kasance a bangon kundin daga ciki.

Sauran sharuɗɗan ba su da tsawo. Shida zuwa takwas a rukuni, manya biyu a ɗaki, domin idan ɗaya ta fice da kuka a samu mai bin ta ba a bar saura ba. 'Yan aji ɗaya zuwa uku daban, manya daban, don ƙanwa ba ta buɗe baki a gaban siniya. 'Yan ɗaki ɗaya ma a raba su, domin yaya takan haɗiye nata don kada ƙanwa ta karaya. Bayan zama na biyu ba a ƙara kowa. Kuma don Allah kada a kira shi taron marayu. Su zaɓa wa kansu suna a zaman farko.

Ƙashin bayan tsarin

Za ki ci karo da matakai biyar na alhini da Elisabeth Kübler-Ross ta fitar a 1969, kuma za ki ji sha'awar ba kowane mataki zamansa: yau musu, gobe fushi, har a kai ga sallamawa. Ina ba ki shawara ki bar shi. Daga bakin marasa lafiya masu jiran ajali ta tattaro su, kuma mutane ba sa bin su a jere. Yarinyar da ba ta taɓa jin fushi ba sai ta fara zargin kanta cewa ba ta son mamacin.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne bayanin da Margaret Stroebe da Henk Schut suka fitar a 1999. A taƙaice, wanda aka yi wa rashi yana kai-kawo ne tsakanin abu biyu: wani lokaci yana fuskantar rashin, yana kuka yana tunawa, wani lokaci yana juya wa rashin baya yana fuskantar sabuwar rayuwar da aka bar shi da ita. Wannan kai-kawon shi ne lafiya. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya shi ke shan wahala, ko wadda ba ta iya barin kuka, ko wadda tun ranar jana'iza ba ta yarda a ambaci mamaci. Matasa sun fi kowa yin wannan sauyin da sauri, shi ya sa za ki ga yarinya na kuka bayan azahar, da yamma tana tsalle a filin wasa, matiron ta ce ai wannan ba ta damu ba.

Idan kin karɓi wannan, tsarin ya fito da kansa. Kowane zama ya shiga rashin sannan ya fito, jerin zaman gaba ɗaya ma haka. Takwas nake yi, sau ɗaya a mako, domin takwas na shiga zangon karatu guda a gama da saura mako biyu kafin jarrabawa. Ba ni kaɗai ba: shirin Abangane da aka gwada a makarantun lardin Free State na Afirka ta Kudu da 'yan mata masu shekara 13 zuwa 17 zama takwas ne, kuma sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna raguwar alhini mai takurawa da ciwon damuwa idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi. Na Irwin Sandler da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Arizona goma sha biyu ne.

Zama biyu na farko ba a taɓa labarin mutuwa. Na ɗaya na dokoki ne da sanin juna, kowacce ta faɗi wanda ta rasa da abu ɗaya da yake so, shi ke nan. Na biyu na sanin yadda alhini ke kama jiki ne, ciwon kai, faɗuwar gaba, karanta shafi sau uku ba a gane ba, jin kamar muryarsa a bakin ƙofa, sannan a koyi hanyar saukar da numfashi da dawo da hankali cikin ɗaki. Na uku na tuna mamacin ne yana raye. Na huɗu da na biyar su ne masu nauyi: "da na sani" da fushi, sai kuma abin da ba a samu faɗa ba. Na shida ya juya ga abin da ya sauya a gida, na bakwai ga ranaku masu wuya da ke tafe, na takwas sallama. Ko a masu nauyin, doka ita ce a faɗi abin da ya faru a jimla biyu ko uku, a bar bayanin jini da rauni sai ganawa ta mutum biyu.

Shafin zama na huɗu, a matsayin misali

Kowane shafi yana farawa da manufa guda a jimla guda, wadda za a iya gani ko ta cika. "A tattauna nadama" ba manufa ba ce. Ga tawa: kafin a tashi, kowace yarinya ta kama tunani ɗaya na zargin kai, ta gwada shi da tambayoyi uku. Ƙarƙashinta kayan aiki, takardu da biro da kwano, sai rabon lokaci. Minti casa'in ne: goma na buɗewa, inda kowacce ke nuna inda take a tsanin nauyin zuciya daga 0 zuwa 10, goma na duba aikin da aka tafi da shi, arba'in na babban aiki, sha biyar na numfashi da abin da za a gwada cikin mako, sha biyar na rufewa. Buɗewa da rufewa ba sa canzawa tun daga zama na ɗaya har na takwas. Yarinyar da rayuwarta ta birkice dare ɗaya tana samun natsuwa idan ta san abin da ke biye.

A cikin minti arba'in ɗin, kowacce na rubuta jimla da ta fara da "Da na..." ba tare da suna ba, ta naɗe ta jefa a kwano. Mai gudanarwa ce ke karantawa. Dalilin kwanon kunya ce: 'yar Bahaushe ba za ta ɗaga hannu ta ce ta saɓa wa mahaifiyarta ba, amma za ta rubuta. Wata rana na buɗe takarda na ga, "Da na je kemis lokacin da ta aike ni, da ba ta mutu ba." Na karanta, na tambayi ɗakin ko akwai wadda ta taɓa jin makamancin haka. Hannu huɗu suka tashi. Can sai wata 'yar shekara goma sha biyar ta ce tata ce. Mahaifiyarta na da tsohon ciki, ta aike ta sayo maganin ciwon kai, ta tsaya hira a gidan maƙwabta kusan awa guda. Da dare uwar ta fara jijjiga, aka kai ta asibiti, ba ta kai asuba ba. Wata bakwai yarinyar na ɗauke da wannan, ko yayarta ba ta sani ba.

A nan ne kundi ke aiki, domin abin da zai fara zuwa bakin kowace malama shi ne, "Haba, ba laifinki ba ne, kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne, amma ta ji shi sau ɗari a zaman makoki bai shiga ba. Ki rubuta a shafin cewa kada a yi gaggawar wanke ta, a yi tambayoyin. A lokacin da kike hirar, me kika sani? Ta ce ciwon kai ne kawai, irin wanda Umma ta saba. Su wa ke gidan, su sun gane hatsari ne? Ta ce Baba na nan, gwaggo ma, ba wanda ya gane. Da ƙawarki ce ta kawo miki wannan labari, me za ki ce mata? Ta yi shiru, sai ta kusa da ita ta ce, "Ni dai ba zan ce ke kika kashe ta ba." Daga nan na ƙara abin da na sani: ciwon kai mai tsanani a ƙarshen ciki da jijjiga ta biyo baya yawanci alamar hawan jinin masu ciki ne, kuma ƙwayar ciwon kai ba ta tare shi. Sabuwar jimlar da ta rubuta da hannunta ita ce, "Na yi jinkiri, ina nadama, amma maganin da aka aike ni ba shi zai hana ba." Ki lura ba mu goge nadamar ba. Da mun goge, da ba ta yarda da jimlar ba. Tsaninta ya hau daga 6 zuwa 9 a tsakiyar zama, ya sauko 5 kafin a tashi, kuma wannan saukowar ce aikin minti talatin na ƙarshe. Duk yadda hira ta yi daɗi, ba a cin lokacinsu.

A ƙasan kowane shafi ki bar akwati mai taken "Idan haka ta faru". Idan ɗaya ta cinye lokaci, ga abin da za a ce: "Bari mu riƙe wannan, in ji ko wata ta taɓa jin irinsa." Idan ta fara bayanin rauni: "Tsaya nan, wannan ɓangaren ni da ke za mu yi bayan an tashi," kuma a cika alkawarin a ranar. Idan aka fara gasar wa ya fi rashi, idan dariya ta ɓarke, idan shiru ya wuce minti ɗaya. Wannan akwatin ne malamar da za ta gaje ki za ta fi karantawa.

Haƙuri, addu'a da wasiƙa

Tun ranar rasuwa abin da yaran nan ke ji shi ne "sai haƙuri", wasu har an tsawatar musu cewa kuka na azabtar da mamaci. Kundin da ya yi kamar addini ba ya ɗakin ba zai shige su ba, wanda kuma ya koma wa'azi zai rufe musu baki. Abin da nake yi a zama na biyu shi ne in kawo abin da suka riga suka sani daga Islamiyya: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Annabi Yakubu kuma idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, ga shi a Suratu Yusuf. Daga nan yarinya ke gane dangana da hawaye na iya zama a zuciya ɗaya. Idan akwai Kiristoci a rukunin, shafin ya tanadi nasu, kamar kukan Yesu a mutuwar Li'azaru. Tambayar fiƙihu kuwa ba taki ba ce, a kai ta ga malamin da kika riga kika zauna da shi kika san yana da taushin baki.

Kundayen waje na son a rubuta wa mamaci wasiƙa. Aikin yana da amfani, amma na taɓa samun mariƙin da ya zo da faɗa cewa ana koya wa 'yarsa magana da matattu. Yanzu taken shafin zama na biyar shi ne "Abin da na so in faɗa", a rufe shi da addu'a ko niyyar wata sadaka da yarinyar za ta iya, ko da ɗebo wa wata ruwa ne. Wannan zaman ya fi taɓa 'yan makarantar kwana, domin da yawansu an rufe mamaci kafin a zo ɗaukarsu, wasu ma an ce musu "jiki ne ya tsananta" sai a ƙofar gida suka ga tabarmi.

Gida, da inda ƙarfin kundin ya tsaya

Darasi mafi girma daga shirin Arizona shi ne ba yara kaɗai aka tara ba, iyayen da suka rage ma suna da nasu rukunin, kuma kyautatuwar mu'amalar uwa ko uba da yaro na cikin abin da ya kawo sauƙin. Shirin EASE na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko da yake na damuwa ne gaba ɗaya ba na rashi kaɗai ba, shi ma zama bakwai ne na yara, uku na masu riƙo. Ke a makarantar kwana ba ki da wannan damar, ga uwa tana takaba wata huɗu da kwana goma. Abin da za ki iya shi ne neman izinin mai riƙo tun farko, kiran waya biyu, da minti ashirin a ranar ziyara. Saƙon gajere ne: a gaya mata gaskiya, a bar ta ta ambaci mamaci, a sanar da ita kafin a yanke inda za ta koma.

Zama na shida shi zai nuna miki iyakarki. A nan za ki ji an raba 'yan ɗaki tsakanin baffa da kawu, ana rigimar gado, kuɗin makaranta ya tsaya, ana maganar aure. Numfashi ba ya biyan kuɗin jarrabawa. Kundin ya koya musu warware matsala mataki-mataki da zaɓen babba ɗaya da za su tunkara, sannan ya faɗi wanda za ki kai wa abin da ya fi ƙarfin rukuni. Tun zaman farko ki gaya musu sirri na da iyaka: idan rai ko mutuncin wata na cikin hatsari, za ki nemi taimako, kuma za ki fara sanar da ita.

Ki kuma tuna shirye-shiryen rashin nan biyu a Arizona da Free State aka gwada su, ba a ɗakin kwanan ɗalibanki ba, don haka rubutunki na farko gwaji ne. Bayan kowane zama ku biyun ku ɗauki minti goma ku rubuta abin da ya ci lokaci da kalmar da ba a gane ba. Ki auna barci, ci, zuwa aji da tsanin nan kafin a fara, da ranar gamawa, da bayan hutu. Wadda ta wuce wata shida da rashi, kewa na cinye mata yini kusan kullum har karatu ya gagara, kuma zama takwas bai motsa ta ba, ta shiga abin da likitoci ke kira alhini mai tsawo, sai a tura ta gaba maimakon a maimaita mata rukuni.

A zama na bakwai ki raba musu kalandar shekara, kowacce ta zagaye ranakun da take tsoro, ta rubuta wanda za ta nema da abin da za ta yi. Na zaci Sallah da ranar cika shekara za su fi yawa. A rukunin da na fara wannan, ranar ziyara ce kusan kowacce ta fara zagayewa, lokacin da ake kiran sunaye a bakin get ana shigowa da kuloli. Su da kansu suka shirya cewa ranar za su haɗu a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin karatu, wadda aka kawo wa abinci ta kawo nan a ci tare. Na mayar da shi cikin kundin a shafin zama na bakwai, da sharaɗin a duba kalandar makaranta tun kafin a fara, don zaman ya riga ranar ziyara zuwa.